Rabon riba ko kamfani ya saye hannun jarinsa: wanne ya fi amfanar mai ƙaramin jari?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina da hannun jari dubu biyar a kamfanin simintin Ɗangote tun shekarun baya, kuma duk shekara ina ganin alat na rabon riba. Na ji an ce kamfanin ya sha kashe biliyoyi yana saye hannun jarinsa daga kasuwa, wai shi ma wannan mayar wa masu jari riba ne, amma ni ko sisi ban gani ba. Ɗana ya ce hakan ya fi rabon riba alheri, maƙwabcina a kasuwa kuma ya ce abin da bai shigo aljihu ba ba riba ba ne. Wa ke da gaskiya?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɗanka da maƙwabcinka kowa ya kama wani gefe, amma dukansu sun tsallake abin da ke yanke hukunci, wato farashin da kamfanin ya saya. Rabon riba yana yi wa kowa adalci iri ɗaya, ko hannun jarin yana tsada ko yana arha. Sake sayen hannun jari kuwa ciniki ne tsakanin masu fita da masu zama, kuma kamar kowane ciniki, wani na iya cin wani. Ni aikina dillancin hannun jari ne a nan Kano, kuma wannan ita ce maganar da na fi shan wahalar fahimtar da mutane, domin ɗaya hanyar tana da alat, ɗayar kuwa shiru ne.

Mu yi lissafin da shago

Tun da kai ɗan Kwari ne, bari mu ɗauki abin da ka sani. A ce ku biyar kuka haɗa jari a shagon atamfa, kowa da kaso daidai. Kayan da ke ciki da kwastomomi da bashin da kuke bi, duka an yi musu kuɗi naira miliyan 48. Ban da wannan akwai tsabar riba miliyan 12 a asusun shagon. Jimilla miliyan 60 ke nan, kason kowa miliyan 12.

Hanya ta farko ita ce ku raba tsabar. Kowa ya karɓi miliyan 2.4 ya sa a aljihu. Amma ka lura da abin da ya faru da kasonka na cikin shago: kuɗin nan sun fita, saura miliyan 48 a tsakanin mutum biyar, kowa miliyan 9.6. In ka haɗa na aljihu da na shago, miliyan 12 ɗinka ce dai, ba ta ƙaru ba. Abin da mutane da yawa ba sa so su ji ke nan. Rabon riba ba kyauta ba ne, kuɗinka ne aka ciro daga kamfaninka aka miƙa maka. Shi ya sa a kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, da zarar ranar tantance masu cin rabo ta wuce, ana rage farashin hannun jarin daidai da adadin da za a biya. Akwai masu zuwa ofishinmu ana saura kwana kaɗan su ce a saya musu don su ci rabon su sayar, sai an rage farashin su ga babu abin da suka tsira da shi sai kuɗin dillali da suka biya shiga da fita.

Hanya ta biyu ita ce ɗaya daga cikinku ya ce shi zai fita, za shi Singa ya koma kayan masarufi. Sai ku ɗauki miliyan 12 ɗin nan ku sallame shi. Kai ba ka karɓi ko kwabo ba. Amma yanzu shagon miliyan 48 na mutum huɗu ne, kasonka miliyan 12 cif. In shagon ya sake cin ribar miliyan 12 baɗi, da za ka samu miliyan 2.4, yanzu miliyan 3 ce taka. Wannan shi ne sake sayen hannun jari. Kuɗi sun fita daga kamfani zuwa ga mai jari, sai dai wanda ya sayar ne ya karɓa, kai da ka zauna kuma aka biya ka da ƙarin kaso a duk ribar da za a ci nan gaba.

Har zuwa nan hanyoyin biyu sun yi kunnen doki. Inda suke rabuwa shi ne in ƙiyasin miliyan 48 ɗin nan ba daidai ba ne. A ce bayan kun sallami abokinku kuka duba sito, kuka tarar rabin kayan tsohon yayi ne da ba ya tafiya, wasu masu bashin kuma sun ɓace, ashe shagon bai wuce miliyan 38 ba. To kason kowa na gaskiya a ranar miliyan 10 ne, amma kun biya shi 12. Ya tafi da rarar miliyan 2, ku huɗun da kuka zauna kowa ya koma miliyan 9.5. Juya lamarin kuma: a ce ashe shagon ya kai miliyan 68, domin kayan da ke sito an shigo da su tun kafin dala ta tashi. Kason kowa na gaskiya miliyan 16 ne, ya karɓi 12 ya tafi, ku huɗu kowa ya tashi da miliyan 17. Da raba tsabar kuka yi, ko shagon 38 ne ko 68 ne, babu wanda zai ci wani a cikinku.

Saboda haka in ka ji kamfani zai saye hannun jarinsa, tambayarka ta farko kada ta zama biliyan nawa za a kashe. Ta zama a kan nawa za a saya, kuma hannun jarin ya kai haka?

Naka hannun jarin, da alƙaluma

Kamfanin simintin Ɗangote ya shiga kasuwa sau uku da aka sanar. A ƙarshen Disambar 2020 ya sayi hannun jari miliyan 40.2 a kan wajen naira 243 kowanne. A Janairun 2022 ya sayi miliyan 126.7 a kan wajen naira 277. A Yulin 2023 ya ƙara miliyan 121.4 a kan wajen naira 339, wanda ya ci kimanin naira biliyan 41. Adadin yana da girma a kunne, amma kafin a fara, hannun jarin kamfanin gaba ɗaya ya haura biliyan 17. Duka sayen ukun in ka haɗa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba.

Mu tsaya a kan 2023. A shekarar an biya rabon naira 20 a kan kowane hannu. Dubu biyar ɗinka sun kawo naira 100,000, aka cire harajin kashi 10 cikin ɗari tun daga tushe, alat ɗinka ya nuna 90,000. Sayen da aka yi a Yuli kuwa, in ka raba biliyan 41 a kan hannun jari wajen biliyan 17, kowane hannu ya tashi a kan kimanin naira 2 da kwabo 40. Naka rabon a ciki wajen naira 12,000 ke nan. Ba a turo maka ba, amma da kana so ka gan su a hannu, da sai ka kira dillalinka ka ce ya sayar maka da hannu 35 a cikin dubu biyar ɗin. Za ka karɓi kusan 12,000, kuma kasonka a kamfanin zai tsaya daidai inda yake kafin sayen, tun da yawan hannayen da ke yawo ya ragu da wajen kashi 0.7 cikin ɗari. Da ba ka sayar ba, sai kasonka ya ɗan ƙaru da wannan gwargwadon. Ka ga dalilin da ya sa ba ka ji komai a jikinka ba: abin ɗan kaɗan ne, bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na rabon ribar shekarar ba.

To cinikin ya yi wa masu zama kyau? Ga wata hanya mai sauƙi ta aunawa. An kashe wajen naira biliyan 86 an janye hannun jari miliyan 288. Hannun jarin da kamfani ya saye ba ya cin rabo, ba ya kuma jefa ƙuri'a a taron masu jari. Da aka zo biyan naira 30 a kan ribar 2023, sannan aka maimaita 30 a kan ribar 2024, kamfanin ya huta da biyan wajen biliyan 8.6 a kowace shekara, kimanin kashi 10 cikin ɗari na abin da ya kashe. Farashin hannun jarin kuma daga baya ya wuce duka farashin ukun da aka saya. A ma'aunin naira, masu zama ba su yi asara ba. Sai dai a riƙa tuna cewa a tsakanin nan naira ta faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, saboda haka ba duk tashin farashi ne ƙaruwar dukiya ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ƙaramin mai jari ya sani game da irin wannan kamfani. Wajen kashi 85 cikin ɗari na hannun jarin yana hannun uwar kamfani ne, abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne. A duk kamfanin da yake haka, in babban mai jari bai sayar ba, kowane saye yana ƙara masa kaso, yana kuma rage abin da ake ciniki a kai. Ba laifi ba ne a doka, kai ma da ka zauna kasonka ya ƙaru da gwargwado iri ɗaya. Amma kasuwar da hannun jari ya yi ƙaranci a cikinta, farashi yakan yi tsalle da ɗan ƙaramin ciniki, sama ko ƙasa.

Inda ɗanka ya yi gaskiya, da inda maƙwabcinka ya fi shi

Hujjar ɗanka mafi ƙarfi haraji ce. Rabon riba ana yanke masa kashi 10 cikin ɗari ko kana buƙatar kuɗin ko ba ka buƙata. Mai sayar da ɗan ƙaramin hannun jari irin naka kuwa ba ya biyan harajin ribar sayarwa, domin dokar tana kama manyan cinikayya ne. Da aka dawo da harajin a dokar kuɗi ta 2021, an fara shi ne daga cinikin naira miliyan 100 a cikin wata goma sha biyu. Abin da za ka biya shi ne kuɗin dillali da na hukumomin kasuwa, wajen kashi 2 cikin ɗari. Sannan kai ke zaɓar lokacin da za ka sayar. Ga matashi mai albashi wanda da ma duk rabon da ya samu mayarwa yake yi ya ƙara saye, wannan bambanci ne na gaske: da rabon riba, za a cire masa haraji, ya sake biyan dillali kafin kuɗin su koma inda suka fito.

Amma maƙwabcinka ba maganar banza ya yi ba, ƙwai a baka dai ya fi kaza a akurki. Kuma hujjarsa ta wuce son ganin tsaba. Rabon riba kamar alkawari ne da shugabannin kamfani ke jin nauyin karyawa. Kamfanin da ya saba biyan naira 20, ranar da ya koma 10 sai ya yi bayani a taron shekara, kuma farashinsa zai ji jiki. Wannan nauyin yana hana shugabanni yin facaka da kuɗin da suka san dole a fitar. Sannan ana iya yi wa riba kwalliya a takarda, amma tsabar da za a tura wa dubban mutane a banki sai da kuɗi na gaske. Sake saye ba shi da wannan ɗaurin. Masu jari suna ba da izini ne a saya har zuwa wani adadi, shugabanni kuma su sayi abin da suka ga dama. A Janairun 2020 masu jarin simintin Ɗangote sun amince a saya har kashi 10 cikin ɗari, abin da aka saya a zagaye biyun farko bai wuce kashi ɗaya ba. Don haka labarin jarida na izini daban, abin da aka aiwatar daban.

Yawancin waɗanda nake yi wa aiki a Kano 'yan fansho ne, da zawarawan da suka gaji hannun jarin banki tun na zamanin haɗe bankuna a 2005, da 'yan kasuwa da ke ajiye abu a gefe saboda marayun 'yan'uwa. Irin waɗannan ba na tura su ga kamfanin da ya dogara da sake saye. A takarda gaskiya ne za su iya sayar da kaɗan-kaɗan su yi wa kansu rabo. A aikace, uwar marayu ba za ta riƙa kiran dillali duk wata shida ba, kuma buƙata ba ta duba kasuwa. Kuɗin makaranta kan zo ne a watan da farashi ya faɗi. Ga kuma dukiyar gado da ba a gama rabawa ba, wadda sayar da hannu ɗaya a cikinta sai an tara sa hannun magada.

Rabon ribar ma dai ba tabbas ba ne. Doka ba ta yarda a biya shi ba sai daga ribar da aka tara. Mutanen da suka sayi hannun jarin MTN a tallan da aka yi wa jama'a a ƙarshen 2021 a kan naira 169 sun ga haka: faɗuwar naira ta jawo wa kamfanin asara a 2023 da 2024, rabo ya tsaya, alhali layukan waya ba su daina aiki ba. Bankuna kuma sai Babban Banki ya amince kafin su biya.

Yadda za ka gane sayen da bai da alheri

Abu na farko da nake dubawa shi ne inda kuɗin suka fito. In rarar tsaba ce da kamfani ba shi da wani aikin da zai sa ta, to babu damuwa. In kuwa kamfanin yana saye da hannun dama yana cin bashi da hannun hagu, sai a ɗauki biro. A ce hannun jari yana naira 300, kuma yana cin ribar naira 30 a shekara. Duk naira ɗari da aka kashe wajen saye ta janye ribar naira 10 ke nan. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari. Kamfanin da ya ciwo bashi a irin wannan yanayi don ya sayi abin da ke kawo kashi 10, ko an cire masa sassaucin haraji a kan ruwan, asara yake saya wa masu zama. A Amurka, inda sake saye ya zama ruwan dare har gwamnati ta ɗora masa harajin kashi ɗaya cikin ɗari daga 2023, an daɗe ana samun bashi mai arha, shi ya sa lissafin yake fita a can. Ɗanka in daga can yake karanto labarin, ya riƙa sauya alƙaluman zuwa namu.

Na biyu, ka buɗe rahoton shekara ka nemi yawan hannun jarin da ke hannun jama'a, na bana da na bara da na bara waccan. In ana ta sanar da saye amma adadin bai ragu ba, to abin da aka saya ta ƙofar gaba ana fitar da shi ta ƙofar baya, galibi a matsayin ladan manyan ma'aikata. Ka kuma duba ko an soke hannayen da aka saya ko an ajiye su ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda kamfani ya ajiye har kashi 15 cikin ɗari, kuma abin da aka ajiye ana iya sake sayar da shi wata rana, ƙarin kason da ka samu ya koma. Kamfanin da ya saye a kan tsada bana, sannan bayan shekara biyu ya dawo yana tallan sabon hannun jari a kan arha don ya cike giɓi, ya cuci masu zama sau biyu.

Na uku shi ne kada ribar kowane hannu ta ruɗe ka. In an rage yawan hannaye, wannan adadin zai tashi ko da ribar kamfanin gaba ɗaya ba ta motsa ba. Ka dubi jimillar ribar tukuna. In jimilla tana raguwa amma ribar kowane hannu tana hawa, kasuwancin yana ramewa ne ana rufe shi da babbar riga.

Doka ta sa wasu shingaye. Sai kundin kamfani ya yarda, sai masu jari sun amince da rinjayen kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa, sai daga ribar da ta halatta a raba, sai an buga sanarwa a jaridun ƙasa guda biyu, daraktoci kuma su yi rantsuwar cewa kamfanin zai iya biyan basukansa bayan sayen. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari kuma sai SEC, hukumar da ke kula da kasuwar, ta sa hannu. Duk waɗannan suna kare masu bin kamfani bashi ne da tsabtar kasuwa. Babu ɗaya a cikinsu da ke tabbatar maka cewa farashin da aka saya mai kyau ne.

Kuma a nan ne iyakar lissafin take. A shagon Kwari kuna iya shiga sito ku ƙirga bandir-bandir. Darajar kamfanin siminti kuwa ta rataya ne a kan abubuwan da ke gaba: farashin gas da dizal, canjin dala, yawan gine-gine, da abin da abokan hamayya irin su BUA da Lafarge za su yi. Ƙwararru biyu za su iya duba takarda ɗaya su fito da farashi biyu. Shugabannin kamfani sun fi mu sanin cikin gidansu, amma su ma sun fi samun rarar kuɗi a shekarun da kasuwa ke daɗi, wato daidai lokacin da hannun jarin ke tsada. Batun halacci da zakka kuma na malamai ne. Abin da zan ce kawai shi ne hanyar fitar da riba ba ita ke sauya irin sana'ar kamfani ko yawan bashin ruwan da ke kansa ba, kuma waɗannan ne masu tantance hannun jari bisa shari'a suke dubawa.

A naka yanayin, Alhaji, babu wani zaɓi da aka ɗora maka. Kamfanin da kake ciki rabon riba ne babbar hanyarsa, sake saye ɗan ƙari ne a kai, kuma in ba ka buƙatar kuɗi ba sai ka sayar da komai ba idan an sanar da wani zagayen. In akwai wasu hannayen jarin da ka saya tun zamanin takardar shaida, na banki ko na wani kamfani, waɗanda ba ka ganin alat ɗinsu, wannan ne ya fi cancantar ka ɓata masa rana guda. Ka je bankinka ko wurin dillalinka da BVN ɗinka ka cike fom ɗin biyan rabo kai tsaye na kowane rajistara, wato ofishin da ke riƙe da sunayen masu jarin kamfani, ka tabbata sunan da ke takardar ya yi daidai da na asusunka, domin saɓanin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya tsayar da biya. Dokar kuɗi ta 2020 ta tanadi a mayar da rabon da ya shekara shida ba a karɓa ba wani asusun amana na gwamnatin tarayya. Ko da hakan ta faru, yana nan a matsayin naka.